Jimla Uku a Kan Gonar Bakin Njuwa

A ranin da mai ɗakina ta rasu ban daina zuwa shago ba. Da aka tashi zaman makoki, baƙi suka watse, 'ya'ya suka koma garuruwan da suke aure da aiki, sai gidan namu na unguwar Adarawo a Yola ya yi mini faɗi. Ba na kuka. Ba na kuma jin wani abu da zan iya kira baƙin ciki. In an ce mini yaya haƙuri, na ce da godiya, bakina ne kawai ke faɗa. Ina yin sallata a kan lokaci, ina karanta abin da na saba karantawa bayan asuba, amma kamar wani ne ke yi ni kuma ina gefe ina kallonsa. Abin da ke fitar da ni daga gidan shi ne sanin cewa akwai wurin da ake jirana da hantsi.

Wurin shago ne a Dubeli, cikin Jimeta. Ana sayar da fitilu da batura da farantan sola, a ɓangare guda kuma akwai famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Mai shagon mace ce, Kirista, 'yar kudancin Adamawa, ta koyar a makarantar sakandare kafin ta koma kasuwanci. Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka. Ita kuma Baba take ce mini. Ta ɗauke ni ne saboda manoman da ke zuwa daga Yola da ƙauyukan gefenta sun fi sakewa da wanda zai gaishe su da Fulatanci, ya tambayi lafiyar gida da ta shanu kafin a zo maganar famfo. Aikina ke nan. In zauna kusa da famfunan, in tarbi manomi, in ji girman gonarsa da zurfin rijiyarsa, in gaya masa wanda zai yi masa da wanda ba zai yi ba.

A shekarar fetur ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Mutum zai ɗauka famfunanmu za su yi ta tafiya. Ba su tafi ba. Manomi zai zo ya shafa farantin, ya leƙa bakin mesa, ya ce madalla, ya tafi. Bai yarda abin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi zai iya shayar da shinkafa ba.

Wata safiya Madam ta jawo kujera kusa da ni. Ba ta da kwana-kwana a magana.

"Baba, mai gyaran waya na gefenmu yana son wannan ɓangaren. Kullum sai ya tambaye ni. In famfo bai motsa ba a ranin nan, zan ba shi wurin, in mayar da kayan."

Na ce, "To."

"Baba, ka ji abin da na faɗa? In babu famfo, ban san abin da zan ce ka zo ka yi ba."

Na ce na ji. Na kuwa ji. Na ga kaina zaune a zauren gida daga asuba har magariba, babu wanda zai ce mini ga ruwa ko ga baƙo. Ban ji tsoro ba, don a kwanakin nan ba na jin komai sosai. Amma na san ba na son zaman nan.

Ta ce akwai dama guda. Wata ƙungiyar manoman shinkafa tana shirin saya wa mutanenta famfuna, kuma sakataren ƙungiyar ya ce duk mai kaya ya turo masa imel. A waya yake karantawa, a gaban dattawan kwamiti, in sun ga wanda ya yi musu sai su kira shi ya zo ya gwada. Madam ta taɓa tura masa sau ɗaya. Ta jera ƙarfin kowane famfo da yawan farantansa da tsawon mesarsa, saƙon ya yi tsawo kamar takardar magani. Ko amsa bai ba ta ba.

"Dattawan nan ba su san ƙarfin faranti ba," in ji ta. "Mutum irinsu suke son ji. A wurin horon 'yan kasuwa an koya mana, labarin kwastoma ɗaya, jimla uku. Ta farko, wahalar da yake ciki. Ta biyu, abin da muka yi masa. Ta uku, yadda ya ƙare. Sai a roƙi abu ɗaya a ƙarshe, shi ke nan. Kai ne mai labari, Baba. Manomi ya zo sayen fitila ka riƙe shi har azahar. Ka ba ni ɗaya."

Ban yi dogon tunani ba. A cikin 'yan kaɗan da suka sayi famfo a hannunmu akwai wani dattijo mai gona a bakin tafkin Njuwa, abokin yayana marigayi. Hamma nake ce masa, kamar yadda muke kiran wa a Yola. Ni na kai shi shagon da kaina bayan na ga halin da ya shiga, ni kuma na raka masu kafawa har gonar.

Na ɗauki bayan wani kwali na fara rubutu. Da ajami nake rubuta abin da ya fito daga raina, boko sai in ya zama dole. Na fara da sunan Allah. Na gai da sakatare da dattawan kwamiti da iyalansu, na yi musu fatan rani mai albarka. Na ce akwai wani bawan Allah, ɗan gidan mutunci, wanda kakanninsa suka yi noma a bakin Njuwa tun ruwan tafkin yana kaiwa inda yanzu ya zama hanya. Na faɗi yadda yake riƙe maƙwabta, da yadda ba a taɓa jin muryarsa a gaban alƙali ba. Sannan na ce Allah ya haɗa shi da famfonmu, ya kuwa ga alheri, muna roƙon Allah ya ƙara. Kwalin ya cika, na juya gefe na ƙarasa.

Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Baba, wannan wa'azi ne ko ɗaurin aure?"

"Labari ne."

"Ina wahalar?"

Na sake duba kwalin, babu ita.

"Mutumin nan na kirki ne, na yarda. Kakansa ma na kirki ne. To me ya kawo shi shagona? Yana zaune lafiya ya ce bari in je in sayi famfo don nishaɗi?"

Na san abin da ya kawo shi. A ranin da ya gabata fetur ya fi ƙarfinsa. Ya dasa rabin gonar ya bar rabi, rabin da ya dasa ma yana ba ta ruwa yau ya tsallake gobe. Na taɓa ganinsa a gidan mai, dattijo mai furfura, riƙe da jarka a cikin layin masu babura. Da muka haɗa ido ya juya kai, ni ma na juya, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. A wurinmu haka ake yi. Ka ga babba a cikin rashi, to ba ka gani ba.

Na ce, "Madam, ba zan rubuta wa baƙi cewa mutumin nan ya kasa sayen mai ba. Tonon asiri ne."

"Ba za mu sa sunansa ba."

"Ko da haka. Ni na sani."

"To in babu wahala babu labari. Wanda zai ji saƙon nan yana cikin wahalar yanzu haka. Jimlar farko ce za ta sa ya ce, kai, ai ni ne wannan. In bai ce haka ba, ba zai jira ta biyu ba." Ta ɗauki kwalin ta juya shi, ko da yake ba ta iya karanta ajami. "Ta ƙarshen ma ba ta yi ba. Ya ga alheri. Wane alheri? Buhu nawa ya samu da, buhu nawa yanzu? Abin da za a iya gani nake so. Ka je ka tambaye shi. Dama ba zan tura labarin mutum ba sai da izininsa, ko da suna ko babu."

Washegari ban biya ta shago ba. Na hau keke mai ƙafa uku daga Adarawo, ya sauke ni inda kwalta ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa. Zafin Yola ya riga ya sauko tun da safe. Hanyar ta ratsa gonakin alayyafo da yakuwa, mata suna tsinka suna ɗaurewa. Can gaba masunta biyu suna gyaran koma a inuwar jirginsu. Ta ko'ina ana jin ƙarar injinan fetur, nan ɗaya can ɗaya, ba kamar da ba da fadamar duka ke ruri. Mai ɗakina tana son yakuwar wurin nan. Na tuna haka lokacin da nake wucewa, kamar yadda mutum ke tuna sunan unguwa, na ci gaba da tafiya.

Gonar Hamma shiru take. Farantan suna jingine a kan ƙafafunsu na ƙarfe suna fuskantar rana, ruwa yana fitowa daga mesa yana bin lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma yana tsaye da fartanya, wando a naɗe, yana buɗe bakin wannan yana toshe na wancan. Shinkafar kore shar daga bakin hanya har gindin bishiyar da ke iyakar gonar.

"Modibbo!" in ji shi. Malam ke nan da Fulatanci, haka yake kirana tun ina yaro mai allo, rabi girmamawa rabi tsokana. "Yau ɗan tallan Madam ne a gonata? Me kuma za ka sayar mini? Rana ta biyu?"

Muka gaisa da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo. Ya wanke hannu a bakin mesa, muka zauna a ƙarƙashin rumfar zana. Ya yi mini gaisuwar rashi kuma, ko da yake ya zo zaman makoki. Ya ce marigayiyar baiwar Allah ce mai hannu a buɗe, bai taɓa shiga gidanmu ya fita ba a sa masa kunun gyaɗa a gaba ba. Na ce Allah ya ji ƙanta. Ya jawo goran ruwa ya miƙo mini.

Na yi ta kewaye-kewaye. Na tambayi famfo, ya ce lafiya lau, sai dai da sassafe ruwan ba ya da ƙarfi, sai rana ta ɗaga, kuma dole ya riƙa goge farantan don tsuntsaye sun mayar da su wurin hutawa. Na tambayi rijiya, na tambayi tsuntsayen ma. Daga ƙarshe ya ce, "Modibbo, ba lafiyar tsuntsaye ta kawo ka ba."

Sai na faɗa masa. Na ce Madam za ta rubuta wa ƙungiyar manoma, tana son ta ba da labarinsa a jimla uku, ba suna. Na ce ta farkon ce ta hana ni sakat, don sai an faɗi halin da aka shiga bara. Ina magana ina kallon ƙasa.

Ya yi dariya har ya tari.

"Wannan ce ta sa kake ta zagaye kamar mai neman aure? Rubuta! Ka ce fetur ya kayar da ni. Ka ce na bar rabin gona ciyawa ta cinye. Su waye za su ji? Ba mutanen da muka yi layi tare ba ne, kowa da jarkarsa? Wanda bai bar rabi ba ya bari duka. Abin da ya sami kowa ba asirin kowa ba ne."

"Na ɗauka za ka ji nauyi."

"Na ji nauyi a lokacin. Yanzu ya wuce. Sai me kuma?"

Na ce sai ta ƙarshe, ita mai sauƙi ce. Madam tana son a faɗi buhu nawa ya samu da, buhu nawa yake sa ran samu bana.

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye goran a hankali.

"A'a."

"Ba suna, Hamma."

"Ko ba suna. Kai da aka haifa a Yola kake tambayata wannan? Ka taɓa jin na faɗi yawan shanuna? Ka taɓa jin na ƙirga jikokina a gaban mutane? Ga shinkafa tana tsaye, ba ta shigo gida ba, ka ce in buɗe baki in sa mata lamba, a karanta wa taron maza a ƙarƙashin bishiya? Gonaki nawa ne masu faranti a bakin Njuwa? Kafin a tashi taron kowa ya san ni ne. Wani zai ce masha Allah, wani ba zai ce ba. Wahala ka faɗe ta, babu mai yi maka hassadarta. Amma abin da Allah ya ba ka, ka rufe shi."

Ban yi musu ba, don ni ma haka aka rene ni. Na zo ina tsaron ƙofar da shi bai damu da ita ba, wadda yake tsaro kuma ban ko lura da ita ba. Ruwa yana ta gudu a lambatu. Na ga in na koma ba jimla ta uku, saƙon bai cika ba, in bai cika ba kuwa mai gyaran waya zai shigo da teburinsa. Ban gaya wa Hamma wannan ba. Ba na son ya ba ni abin da ba ya so saboda tausayi.

Na ce, "To me zan iya faɗa?"

"Abin da mai wucewa ke gani." Ya nuna da haɓa. "Wancan gefen, daga lambatu zuwa bishiya, bara me ke wurin?"

"Ciyawa."

"Yanzu fa?"

"Shinkafa."

"To wannan ban isa in ɓoye shi ba, ko makaho ya bi hanyar nan zai ji sanyinta. Faɗi wannan. Ka ce kuma tana shan ruwa kullum."

Na ce zan ƙara da cewa bai sake sayen fetur ba.

"Kar ka yi mini ƙarya, Modibbo, kai da ke jan mutane salla. Tsohon injin yana nan a bayan rumfa. Lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki tana shan ruwa kamar raƙumi, na tayar da shi da yamma na ƙara mata, bayan rana ta yi sanyi famfo ya rage. Ba kullum ba. Jefi-jefi. In ka ce ban taɓa ba, wani zai saya ya jefar da injinsa, ranar da ya buƙace shi ya zage ka ya zagi Madam."

Da zan tafi ya sa aka yanko mini yakuwa ɗauri guda daga gonar maƙwabciyarsa. Na karɓa na yi godiya. A cikin keke na riƙe ta a cinya, sai a lokacin na tuna babu mai dafawa. Na ba wa matar da ke zaune kusa da ni.

Na isa shago bayan azahar. Madam tana cin gyaɗa a bakin ƙofa.

"Baba, buhu nawa?"

"Babu buhu."

"Kai, Baba! Duk wannan rana da ka sha?"

Na gaya mata yadda muka yi. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta yi tsaki kaɗan ta ce mahaifinta ma har ya mutu babu wanda ya san abin da ke cikin rumbunsa, ko uwarta. Ta kakkaɓe hannu ta buɗe kwamfuta. "Rabin gona ya koma gona duka. Wannan ma lissafi ne, kowane manomi zai gane. Faɗa mini, ina bugawa."

Mun daɗe a kan 'yan kalmomin nan fiye da yadda na daɗe a kan kwalin. Na fara da cewa wani dattijo mai mutunci, ta ce manomin shinkafa, don mai sauraro ya ga kansa. Ta rubuta sunan famfon da lambarsa da yawan farantai a jimla ta biyu, na ce ita ma ta koma gidan jiya, ta yi dariya ta goge. Ta so ta rubuta cewa ya rabu da fetur har abada, na ce Hamma ya hana. Ta ce jefi-jefi yana rage wa labarin ƙarfi. Na ce haka abin yake. Ta dubi allon kwamfutar, sannan ta ce dattawan ma za su fi yarda da shi a haka, wanda ya ce kayansa ba su da aibi ko ɗaya ba a saye a wurinsa. Gaisuwata mai tsawo ta mayar da ita layi ɗaya. Na ce a bar mini sallama, ta ce ai ba ta cire sallama ba.

A kan saƙon ta rubuta: Yadda wani manomin Njuwa ya koma dasa gonarsa duka. A ƙasa kuma ga abin da muka tsaya a kai.

"Assalamu alaikum, Malam Sakatare, da fatan kuna lafiya.

"A ranin bara wani manomin shinkafa a bakin Njuwa ya bar rabin gonarsa ba dashe, saboda fetur ɗin injin ban-ruwa ya fi ƙarfinsa. Mun kafa masa famfo mai aiki da hasken rana a kan rijiyarsa, daidai da girman gonar. Bana ya dasa gonar duka, tana shan ruwa kullum, injin fetur kuma sai jefi-jefi yake tayar da shi.

"In kun yarda, za mu kawo famfon mu gwada a gonar ɗayanku ku gani da idonku. Wace rana ce ta yi muku?"

Ta karanta da ƙarfi, yadda sakatare zai karanta wa dattawa, don a ji ko akwai inda harshe zai sarƙe. Babu. Ni dai da na ji shi sai na ga kamar an cire wa mutum riga da hula an bar shi da ɗan ciki. Babu kakanninsa, babu halinsa, babu ranar da ya juya kai a gidan mai. Amma duk abin da ke ciki gaskiya ne, kuma shi ya yarda da kowace kalma. Na ce bismillahi, ta danna.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya bambanta su. Ina zuwa, ina zama, ina komawa. Mai gyaran waya ya shigo sau ɗaya da igiyar awo, ya gaishe ni da ladabi, ya auna bangon da ke bayana. Na matsa gefe ya auna da kyau. Madam tana duba wayarta tana ajiyewa. A gida maƙwabta suna aiko mini da tuwo, ina ci don kada a mayar da kwano da abinci a ce na raina. Wata rana na tsinci kaina ina gwada faɗin abin da ya same ni a jimla uku, haka kawai, ina zaune a zaure bayan la'asar. Ta farko ta zo da sauƙi. Ta biyu ban same ta ba. Na bari, na tashi na yi alwala.

Amsar ta zo wata ranar Talata, ina cikin yi wa wani mutum bayanin batir. Madam ta ce, "Baba, zo ka ji." Ta karanta mini. Sakataren ya ce ya karanta wa dattawa, ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma rabi ya bari, kuma yana son a gwada a gonarsa. Mu zo ranar Alhamis, kada mu makara, a kafa kafin rana ta ɗaga don mutane su ga yadda ruwan ke farawa da yadda yake ƙaruwa. Ya kuma tambaya ko famfon zai ja daga rijiyar da ta fi ta Njuwa zurfi.

"Zai ja?" in ji ta.

"Sai na san zurfin. Ki tambaye shi tsawon bututun da suka saka."

Ta zauna tana bugawa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Na gaya wa mai waya ya nemi wani wurin. Gwaji ba ciniki ba ne, Baba, kar ka ce na yi maka alkawarin shekara. Amma ranin nan muna nan."

Na ce alhamdulillahi. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Bai motsa sosai ba. Sai dai na lura na miƙe ina duba mesar da za mu tafi da ita, ina bin ta da yatsa ko akwai huda.

Ranar Alhamis muka ɗauki keke biyu. Madam da mai kafawa da famfo a na gaba, ni da farantai a na baya. An jingina su a tsaye an sa kwali a tsakani, aka ce in riƙe kada su gogi juna. Hanyar ba ta da kyau bayan an bar gari, kowane rami sai na ji shi a kafaɗa. A wani wuri kekunan suka tsaya don shanu su wuce, Madam ta leƙo ta ɗaga murya.

"Baba! Akwai ƙungiyar mata masu lambu, su ma imel suke so. Labarin shinkafa ba zai yi musu ba. Wa muke da shi mai alayyafo?"

Na ce akwai wata mata da ta sayi ƙaramin famfo, gonarta tana hanyar Njuwa ita ma.

"Za ta yarda?"

"Sai na je na tambaye ta."

"To gobe."

"Gobe Juma'a."

"To jibi. Riƙe farantan nan da kyau, Baba."

Shanun suka gama wucewa, mai keke ya tayar. Na gyara zama na ƙara riƙe farantan.